Hasken Magariba a Kan Teburi: Yadda Ake Rubuta Umarnin Hoton Gidan Abinci

Duk wanda ya taɓa rubuta wa manhajar ƙirƙirar hoto kalmomi biyun nan, `cozy restaurant`, ya san irin abin da take fitowa da shi. Bangon jan bulo, ƙwayayen lantarki masu ruwan ɗorawa suna reto daga sama, kyandir a ko'ina, ga kofunan giya masu dogon wuya jere a kan kowane teburi. Kyau kam ba a magana. Sai dai mai gidan abincin da ke kan titin Zoo Road a Kano ko a Wuse ta Abuja zai duba ya ga babu abu guda a cikin hoton da ya yi kama da wurinsa. Kuma wannan hoto shi ne ake so a ɗora a inda mai saye zai kama teburi, wato wurin da mutum yake yanke shawarar ko ya kawo iyalinsa cin abincin dare ko ya nemi wani wuri.

Manhajojin ba su daɗe a hannun jama'a ba. An buɗe Midjourney ga kowa a watan Yulin 2022, Stable Diffusion ta biyo baya a watan Agusta, kamfanin Adobe kuma ya fito da Firefly a watan Maris na 2023. Dukkansu hanya ɗaya suke bi: an horar da su da ɗimbin hotuna haɗe da bayanan da aka rubuta a kansu, har suka koyi irin kamannin da ke tafiya da kowace kalma. Mafi yawan waɗannan bayanai da Turanci suke, mafi yawan hotunan gidajen abincin kuma daga Turai da Amurka aka ɗauko su. Shi ya sa har yanzu masu wannan aiki da Turanci suke rubuta umarninsu, kuma shi ya sa idan aka bar wa manhaja giɓi, da kayan ƙasashen can take cike shi.

Abin da gogaggu a wannan sana'a suka fahimta shi ne, manhaja ba ta zana natsuwa, ba ta zana kwanciyar hankali. Abin da take iya zanawa shi ne fitila, da inda hasken ya faɗa, da abin da ke kan teburi, da tazarar da ke tsakanin kujeru. Wanda ke son hoto mai sanyaya rai, aikinsa shi ne ya gano abubuwan da ke haifar da wannan yanayi a zahiri, ya ambace su ɗaya bayan ɗaya.

A fara da haske, domin shi ne rabin aikin. Masu ɗaukar hoto suna auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Harshen kyandir yana wajen 1,900, ja-ja ne mai ɗumi. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana wajen 2,700. Hasken rana tsaka yana kai 5,500, farin ƙwan nan kuwa da ya cika shaguna da ofisoshi, wanda ake rubuta `Daylight` a jikin kwalinsa, 6,500 ne. Abin ya zo a juye: ƙaramar lamba ita ce haske mai ɗumi, babba kuma ita ce mai sanyi da ke fizgar shuɗi. Gidajen abincin da ke son mutum ya zauna ya miƙe ƙafa suna tsayawa ne tsakanin 2,700 da 3,000, saboda a wannan haske fatar mutum tana yin kyau, gasasshen nama yana ƙara ja, katako kuma yana fito da launinsa. Manhaja ba ta da ma'auni a cikinta da za ta lissafa wannan lamba daidai, amma ta ga `2700K` da `warm white` a jikin hotuna masu yawa, don haka idan aka rubuta su takan karkata zuwa can.

Launi kaɗai bai isa ba, sai an faɗi daga ina hasken yake fitowa. Ɗakin da aka haska shi daga silin baki ɗaya, ko'ina fayau babu inuwa, ɗakin jira ne na asibiti ko da kuwa ƙwan mai ɗumi ne. Abin da ke sa ido ya huta shi ne haske ya taru a wasu wurare, ya bar wasu da duhu-duhu. Fitila mai hula da ta sauko ƙasa a kan teburi tana yin da'irar haske a kan farantai, fuskokin mutane su samu rabonsu, sauran ɗakin kuma ya ja baya. Idan aka ƙara fitilar bango ɗaya ko biyu a can ciki, sai ɗakin ya yi zurfi. Saboda haka umarni mai kyau yakan ambaci tushen haske biyu, ko uku idan sun yi yawa. Da an wuce haka, manhaja takan rasa wanda za ta bi, sai a ga inuwar kofi ta faɗi dama, ta faranti kuma ta faɗi hagu.

Sai maganar yamma kanta, wadda nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kalmar `evening` tana da faɗi: tana iya nufin la'asar sakaliya, tana iya nufin bayan isha'i. Masu hoto sun raba lokacin gida biyu. Akwai `golden hour`, lokacin da rana ta yi ƙasa ta kusa faɗuwa, haskenta na shigowa ta taga a kwance yana jan dogayen inuwoyi. Akwai kuma `blue hour`, wato almuru, bayan rana ta faɗi amma sama ba ta yi baƙi ba. Na biyun shi ne ya fi dacewa da hoton cin abincin dare, saboda a lokacin ne hasken waje da na ciki suke yin kunnen doki: taga ta yi shuɗi mai duhu, fitilun ciki su yi ruwan zuma, kowanne yana fito da ɗan'uwansa. Idan aka rubuta `night`, taga takan koma baƙin allo. Idan kuma aka rubuta `sunset`, sai manhaja ta watsa wa ɗakin ruwan lemo har farin faranti ya koma kamar an shafa masa manja.

Ga misali a aikace. A ɗauka wata mata ce ke da gidan abinci mai teburi goma sha biyu a Kano, tana sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe, da masa, da gasasshiyar kaza, abin sha kuma zoɓo da kunun aya. Teburanta na katako ne mai duhu, bangon farin ƙasa ne, an kafa faya-fayai masu launi a jikinsa don ado, akwai kuma babbar taga a gefe ɗaya. Ɗanta, wanda shi ke kula mata da harkar waya da talla, ya fara da wannan:

```
beautiful cozy restaurant, evening, relaxing mood, 8k
```

Midjourney takan ba da hotuna huɗu a kowane umarni, kuma abin da irin wannan umarni ke haifarwa sananne ne: wuraren da suka fi kama da Landan ko New York, cike da kyandir da kwalabe. Babu kalma ɗaya a cikinsa da ke nuna wani abu da hannu zai iya taɓawa. `beautiful` ba ta ce komai ba, `8k` kuma ba ta ƙara wa hoto girma, domin girman hoto a saitin manhaja yake, ba a cikin kalmomi ba.

Gyaran shi ne a bi tsari: a fara da abin da ake son ido ya fara sauka a kai, sai kayan da ke kansa, sai haske, sai ɗakin da ke baya, sai inda mai kallo yake tsaye. Ana sa abu mafi muhimmanci a gaba ne saboda manhajoji da yawa sun fi ba kalmomin farko nauyi, kuma tsofaffin samfuran Stable Diffusion ɓangarorin kalma 77 kawai suke karantawa a tashi ɗaya. Ga yadda umarnin zai koma:

```
table set for two, dark wood, white plates, two plain water tumblers,
one low pendant lamp 2700K, blue hour window on the left,
cream wall with woven mats softly out of focus,
seated eye level, 35mm --ar 16:9 --no wine, candles, text
```

Layin farko teburin ne da kayansa. An ce na mutum biyu, ba don gidan ba ya karɓar iyali ba, sai don kowane mutum da aka ƙara yana zuwa da farantinsa da cokulansa da kofinsa, kuma manhajojin nan ba su iya ƙirga ba. A teburin mutum shida sai a tarar da kofi bakwai da cokali biyar. An kuma fayyace cewa tambulan ne na ruwa, gajere marar wuya, don kada a bar ƙofa a buɗe. Layi na biyu haske ne, tushe biyu kacal, kuma an faɗi ɓangaren da taga take. Layi na uku ya ba ɗakin kamanninsa, ya kuma ce a dushe shi kaɗan. Wannan dushewa tana da amfani biyu: tana jawo ido zuwa teburi, tana kuma ɓoye kujerun baya, waɗanda su ne manhaja ta fi yi wa ƙafa biyar.

Layi na huɗu shi ne wanda sababbin shiga suka fi mantawa. Tsayin teburin cin abinci kusan santimita 75 ne, idon mutumin da ke zaune kuma yana wajen santimita 115 zuwa 120 daga ƙasa. Hoton da aka ɗauka daga wannan tsayi yana sa mai kallo ya ji kamar an ja masa kujera. Wanda aka ɗauka daga sama kuwa, daga lungun ɗaki, kallon kyamarar tsaro ne. Lambar `35mm` tana nuna faɗin abin da hoton zai kwaso: ya ishe a ga teburi da ɗan ɗaki, bai kai faɗin da bango zai lanƙwashe ba. `--ar 16:9` kuma siffar hoton ce, mai faɗi irin na allon kwamfuta. Tunda akasarin masu kama teburi da waya suke yi, ana buƙatar a sake fitar da wani a tsaye da `--ar 4:5`, a maimakon a datse mai faɗin a yanke rabin teburi. Idan za a ɗora rubutu a kan hoton, kamar sunan gidan ko lokutan buɗewa, sai a ƙara `empty wall on the right` domin a samu fili marar tarkace.

Kalmomin ƙarshe na umarnin suna da labarinsu. Mutum zai ɗauka idan ba ya son giya a hoto sai ya rubuta `no wine` ko `without wine` a cikin jimlar. Yin haka yakan jawo abin da ake gudu, kuma Midjourney da kanta ta yi gargaɗi a kan wannan a cikin bayanan amfani da ita: duk kalmar da ta shiga jikin umarni, manhajar tana ɗaukar ta a matsayin abin da ake so a gani. Ta ga `wine`, ba ta damu da `no` ɗin da ke gabanta ba. Shi ya sa aka ware wuri na musamman, wato `--no` a Midjourney, ko akwatin `Negative prompt` a Stable Diffusion. Ga gidan abinci a Kano ko Zinder ko Sakkwato, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kofi ɗaya mai dogon wuya da jan ruwa a ciki ya isa ya sa magidanci ya rufe shafin, ko da kuwa mai wurin zoɓo ta nufa. Wanda ke son zoɓo ya fito a hoto gara ya sa shi a jug, ya rubuta `clear jug of dark red hibiscus drink`, ya bar kofunan da ruwa.

An hana rubutu ma, domin manhaja tana son liƙa allo a bango ko ta ajiye takardar jerin abinci a teburi, ta cika su da haruffan da ba na kowane harshe ba. Sababbin samfura sun fi iya rubutu, amma har yanzu ya fi sauƙi a ɗora shi daga baya da hannu.

Da hotuna sun fito, sai bincike, kuma dole a buɗe su a babban allo a matso da su, domin a fuskar waya komai lafiya yake. Shirin teburi irin na Turawa yana da ƙa'ida: cokali mai yatsu a hagun faranti, wuƙa a dama kaifinta na duban faranti, cokalin miya a daman wuƙa, kofin ruwa a saman wuƙa. Manhaja takan juya su, ko ta yi cokali mai yatsu shida, ko ta narkar da wuƙa da cokali su zama abu ɗaya. Duk ma'aikacin otal zai hango wannan nan take. Ga matar da ke sayar da tuwo kuwa, tambayar ta fi haka zurfi: me wuƙa take yi a teburinta tun farko? Idan abin da take ajiyewa cokali ne da kwanon wanke hannu, to su ya kamata a rubuta, `one spoon beside each plate, small hand-washing bowl`, kuma raguwar ƙarafan ma rage wa manhaja wurin kuskure ce. Bayan cokula sai a duba ƙafafun kujeru, a duba ko wayar fitila ta isa silin ko a iska take rataye, a duba ko abin da gilashin taga ke nunawa ya yi daidai da ɗakin.

Abincin kansa gara a bar shi. Manhajojin nan ba su san tuwon shinkafa ba sosai, sukan mayar da shi dunƙulen dankalin Turawa ko wani farin abu da ba a san kansa ba, miyar taushe kuma ta koma romon Indiya. Faranti wayam da ke jiran baƙo ya fi dacewa da wurin kama teburi, hoton abinci kuma a ɗauke shi da kyamara. Haka nan mutane: teburin da aka shirya, kujera ɗaya an ɗan ja ta baya, ya fi fuskokin ƙirƙira da hannayensu masu yatsu shida.

Idan hoto ya kusa amma bai kai ba, kuskuren da ake yawan yi shi ne a sake rubuta umarnin gaba ɗaya. Daga nan ba a san abin da ya gyara ko ya ɓata ba. Ana canja abu ɗaya ne a kowane gwaji, a kuma ɗaure lambar `--seed`, misali `--seed 1234`, domin tsarin hoton ya tsaya kusa da yadda yake. Idan ɗakin ya yi duhu har ba a ganin bango, a ƙara `one wall sconce in the background`. Idan komai ya yi ruwan lemo, a ƙara `white plates stay white`, ko a ɗaga lambar zuwa `3000K`. Idan wurin ya fito da ƙyalli irin na otal mai tauraro biyar, to a nemo kalmomi irin su `luxury` da `elegant` a goge, domin su ne ke jawo marmara da zinare, kuma alatu da sakewa ba kasafai suke zama teburi ɗaya ba. A Midjourney, ƙara `--style raw` yana rage kwalliyar da manhajar ke yi da kanta.

Akwai sauran matsala da iya rubutu ba ya warwarewa. Ko da umarnin ya yi daidai, ɗakin da ya fito ba ɗakin matar nan ba ne, mai kama da shi ne kawai. A watan Fabrairun 2024 an shirya wani biki na yara a birnin Glasgow na Scotland mai suna Willy's Chocolate Experience, aka tallata shi da hotunan ƙirƙirarriyar basira masu nuna duniyar alewa, aka sayar da tikiti har fam 35. Iyaye suka isa suka tarar da wani ɗakin ajiyar kaya kusan wayam, rigima ta kaure har aka kira 'yan sanda, aka rufe bikin. A shekarar ce kuma Charles Spence na Jami'ar Oxford da abokin aikinsa Giovanbattista Califano suka wallafa wani bincike da ya nuna cewa idan ba a gaya wa mutane asalin hoto ba, sukan ga abincin da manhaja ta zana ya fi na gaskiya ban sha'awa. Ma'ana, hoton zai ja mutane, kuma gwargwadon yadda ya ja su gwargwadon yadda za su ji an yaudare su idan suka shigo suka ga wani abu dabam. A Najeriya dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta haramta tallan da ke ɓatar da mai saye.

Hanya mafi aminci ita ce a fara da hoton wurin na gaskiya. Stable Diffusion tana da sashen `img2img`, inda ake ɗora hoto a ba da umarni a kansa, da wani ma'auni mai suna `Denoising strength` daga 0 zuwa 1. A wajen 0.3 teburi da taga da bango suna nan inda suke, launi da laushin haske ne ke sauyawa. Da an haura 0.7, manhaja ta fara gina nata ɗakin. Ko a nan ma da sauran magana, domin idan hoton ya nuna hasken 2,700 alhali fararen ƙwayaye masu 6,500 ne a silin, baƙo zai ga bambancin tun daga bakin ƙofa. A irin wannan hali abin da ya fi hankali shi ne a sayo ƙwayaye masu `Warm White` a jikin kwalinsu a sauya, a sauko da fitila ɗaya kan kowane teburi, ɗakin ya koma abin da hoton ya yi alkawari.

Da yawa daga masu ƙawata gidajen abinci haka suke amfani da waɗannan hotuna: gwaji ne kafin a kashe kuɗi, kuma samfuri ne da ake miƙa wa mai ɗaukar hoto a ce masa ga abin da ake nema. Shi kuwa mai hoton sai ya shirya da wuri. Kano tana kusa da tsakiyar duniya, a wajen digiri 12 arewa, don haka rana tana faɗuwa ne kusan a miƙe, tsakanin faɗuwarta da rufawar duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, kuma daidai lokacin sallar magariba ne. Dole a gama shirya teburi, a kafa kyamara a kan ƙafafunta, a gwada fitilu tun la'asar. A watannin hunturu ma shuɗin saman ba ya samuwa, ƙura ce ke mayar da taga fari-fari, saboda haka masu son wannan launi sukan jira damina, ranar da aka yi ruwa sama ta washe.